Ranar suna, ladan ƙwadago da rana ɗayan da ke ɓata a lissafi

Jaririn da aka haifa ranar Litinin da hantsi a Zauro, ranar Litinin mai zuwa za a raɗa masa suna, kuma kowa zai ce an yi kwana bakwai. Amma wanda ya ƙirga da yatsunsa daga Litinin zuwa Litinin zai sami ranaku takwas. Babu wanda ya yi kuskure a cikinsu. Na farko darare ya ƙirga, wato tazarar da ke tsakanin ranakun biyu, na biyu kuwa ranakun da kansu ya ƙirga, har da ta farko da ta ƙarshe.

Harshenmu ya daɗe da raba waɗannan biyun, domin kwana daban, yini daban. Bikin kamun kifi na Argungu na shekarar 2020 an yi shi daga Laraba 11 zuwa Asabar 14 ga watan Maris. Baƙon da ya iso ranar farko ya tafi ranar ƙarshe ya yi yini huɗu a garin, amma kwana uku mai masauki zai nemi kuɗinsu. Ƙa'idar ke nan: ɗebe 11 daga 14 yana ba da tazara, wato 3. Idan ana son ranakun duka sai a ƙara ɗaya, idan kuma waɗanda ke tsakiya kaɗai ake nufi sai a rage ɗaya.

Malaman fiƙihu ba su bar wannan ga ra'ayin kowa ba. A mazhabar Malikiyya, wadda ake karantar da ita a zaurukanmu ta hanyar Risala da Muhtasar, ba a lissafa ranar haihuwa cikin bakwai ɗin idan an haihu bayan fitowar alfijir. Saboda haka jaririn hantsin Litinin, Talata ce ranarsa ta ɗaya, Litinin ta bakwai. Shafi'iyya kuwa suna lissafa ranar haihuwar, sai ta bakwai ta faɗo Lahadi. Inda magidanta ke tuntuɓe shi ne haihuwar cikin dare. Idan an haihu da ƙarfe uku na dare, kafin asubahin Litinin, to Litinin ɗin ta shiga lissafi ko a Malikiyya, kuma Lahadi ce ranar yanka. Wanda ya bi al'adar "rana ita yau" ya jira Litinin, a rana ta takwas ya yanka ragonsa, alhali mashahurin zance a mazhabar shi ne lokacin yankan yana fita da faɗuwar ranar bakwai.

A fadama kuwa, wannan rana ɗaya kuɗi ce. A ce manomin shinkafar rani ya ɗauki 'yan ƙwadago goma aikin dashe, daga safiyar 25 ga Janairu zuwa yammacin 8 ga Fabrairu, kowanne a kan naira 3,000 a yini, ba hutu. Manomi ya ɗebe 25 daga 31 ya sami 6, ya ƙara 8, ya ce ranaku 14 ne. Ma'aikata suka ce 15. Su ke da gaskiya, domin ɗebewar ta jefar da ranar 25 ɗin kanta, alhali sun yini a cikin laka a ranar. Daga 25 zuwa 31 yini bakwai ne, ba shida ba. Bambancin naira 30,000 ne, kuma ya isa ya kai mutane gaban mai unguwa. Akwai hanyar gane kuskuren ba tare da alƙalami ba: idan aiki ya fara kuma ya ƙare a rana mai suna ɗaya, kamar Asabar zuwa Asabar, yinin aikin ba zai zama 7 ko 14 ko 21 ba, sai dai 8 ko 15 ko 22.

Ita ma dokar ƙasa ta zaɓi ɓangare. Sashe na 15 na dokar fassara dokokin Nijeriya ya tanadi cewa idan wa'adi ya fara daga aukuwar wani abu, ba a lissafa ranar da abin ya auku. A nan ta yi kusa da Malikiyya. Amma wannan tanadi domin fassara dokoki aka yi shi, ba zai raba gardamar manomi da ma'aikacinsa da suka yi ciniki da baki ba.

Don haka kafin a ƙulla yarjejeniyar ƙwadago, ko hayar injin ban ruwa, ko bashi mai wa'adi, a tambayi abin da ake biya: yinin da aka yi aiki, ko kwanan da kaya suka yi a hannun mutum? In yini ne, a ɗebe a ƙara ɗaya. In kwana ne, ɗebewar ta wadatar. Mafi aminci duka shi ne a ambaci ranar farko da ta ƙarshe da sunansu a gaban shaidu, a faɗa ƙarara ko suna cikin lissafi.