Yadda Mai Injin Niƙa Zai Riƙe Abokan Cinikinsa

Hausawa na cewa da sabon gini gara yaɓe. Haka abin yake a sana'ar niƙa. A ƙauye gidaje ba su da yawa, kuma kowane gida yana niƙa kusan kullum. Idan gida ɗaya ya koma injin maƙwabci, cinikin shekara guda ne ya tafi.

Mai inji yana da wata matsala ta daban. Sau da yawa ba ya ganin mai hatsin. Uwargida tana cikin gida, yaro take aikowa. Idan gari bai yi mata ba, ba za ta zo ta yi magana ba. Sai dai ta ce wa yaron, "Gobe ka kai wancan injin."

Bibiya bayan niƙa

Saboda haka mai inji shi zai nemi labari. Idan yaro ya dawo, sai ya tambaye shi, "Yaya garin jiya? Inna ta ce ya yi laushi?" Idan ya haɗu da maigidan a kasuwa ko a majalisa, shi ma ya tambaye shi.

Yana da kyau ya ajiye littafi, kowane gida da shafinsa. Duk kwanon da aka niƙa sai ya ja layi ɗaya. Idan shafin wani gida ya yi mako guda babu sabon layi, to akwai dalili. Sai ya aika a gaishe su, a tambaya ko lafiya. Wani lokaci tafiya suka yi. Wani lokaci kuma fushi ne.

Gyara ga mai zuwa kullum

Gyara tsohuwar al'ada ce a kasuwa. Mai inji zai iya yin tasa da tsari: wanda ya niƙa kwano 9, na 10 kyauta ne.

Ga misali. A ce kuɗin niƙan kwano ɗaya Naira 100 ne, kuma wani gida yana kawo kwano 5 a mako. A shekara ya kawo kwano 260, wato Naira 26,000. Gyaran da za a yi masa kwano 26 ne, wato Naira 2,600. Mai inji ya karɓi Naira 23,400. Da gidan ya gudu, ko sisi ba zai gani ba.

Amma sai an yi lissafi tukuna. A cire kuɗin mai, da na gyaran inji, da ladan yaron inji. Idan ribar kwano ɗaya ba ta wuce Naira 10 ba, wannan gyara zai cinye ta duka. A nan sai a mai da shi kwano na 20. Kuma ƙa'idar ta zama ɗaya ga kowa. Idan aka yi wa gidan mai unguwa aka hana gidan talaka, magana za ta zagaya gari.

Idan an kawo kuka

Kukan da aka fi kawowa iri uku ne, kuma kowanne da dalilinsa.

Na farko, garin tuwo ya fito da yaji. Wannan yana faruwa idan an niƙa barkono, aka zuba masara ba a tsabtace injin ba. Maganinsa a share injin, a fara zuba dusa ta kwashe yajin. Ya fi kyau a ware wa barkono lokacinsa, a ƙarshen aiki.

Na biyu, gari ya yi tsaki da yawa. Ko dai dutsen injin ya cinye, ko ba a matse shi sosai ba, ko kuma hatsin bai bushe ba bayan surfe.

Na uku, gari ya yi baƙi-baƙi. Wannan yakan faru idan an sa sabon dutse ko an wasa tsohon, domin ƙarfe yana zuba cikin gari. Nan ma a fara niƙa dusa, a zubar da ita, kafin a sa hatsin mutane.

Idan yaro ya dawo da gari, kada mai inji ya yi masa tsawa. Duk abin da ya faɗa, yaron zai kai shi gida. Ya karɓi garin, ya taɓa, ya shinshina. In tsaki ne, ya sake niƙawa ba kuɗi. In garin ya lalace ta dalilinsa, ya biya hatsin, ya aika da ban haƙuri. In kuwa hatsin ne ɗanye, ya aika da bayani cikin ladabi, a ƙara shanyawa.

Bayan kwana biyu ya sake tambaya ko an ji daɗin garin. Gidan da aka biya wa kwano biyu na masara ba tare da gardama ba, da wuya ya kai niƙansa wani wuri.