Dalar Gwaji: Yadda Yawan Dogayen Gwaje-gwaje Ke Gurgunta Masu Rubuta Manhaja

Manhajar bankin da ke wayarka ba a taɓa gama rubuta ta ba. Kusan kullum akwai wanda ke taɓa ta, ya gyara nan, ya ƙara can, kuma kowace taɓawa na iya ɓata abin da jiya yake aiki lafiya lau. Shi ya sa masu wannan sana'a suke rubuta wasu ƙananan manhajoji waɗanda ba su da aiki sai duba babbar. Da zarar an yi canji sai a sake su su gudana da kansu. In komai daidai ne allo ya nuna kore, in wani abu ya karye ya nuna ja.

Gwaje-gwajen nan ba iri ɗaya ba ne. A littafinsa Succeeding with Agile na 2009, Mike Cohn ya jera su hawa uku cikin siffar dala, mai faɗi a gindi, mai tsini a sama, kamar dai yadda ake jera buhunan gyaɗa a Kano a da. A gindi akwai ƙananan gwaje-gwaje masu ɗimbin yawa, kowanne yana duba guntu ɗaya tak. A tsakiya akwai masu duba yadda ɓangarori biyu ko uku ke magana da juna, misali manhaja da rumbun bayananta. A can ƙololuwa sai 'yan kaɗan masu bin manhajar daga farko har ƙarshe kamar yadda mutum zai yi da hannunsa. A 2015 wani injiniyan Google, Mike Wacker, ya kawo rabon da za a iya farawa da shi: kashi 70 a gindi, 20 a tsakiya, 10 a sama.

A ce wata tawaga tana gina manhajar tura kuɗi. Ƙa'idarsu ita ce a caji naira 10 in kuɗin bai wuce 5,000 ba, a caji naira 25 in ya wuce. Wata rana ɗaya daga cikinsu yana gyara, sai ya rubuta `<` a wurin da ya kamata ya rubuta `<=`. Yanzu duk wanda ya tura 5,000 cif za a cire masa 25. Ga ƙaramin gwajin da zai kama wannan:

```python
def test_caji():
    assert caji(5000) == 10
    assert caji(5001) == 25
```

Kafin ƙiftawar ido ya gama, kuma in ya faɗi, ya nuna layin da matsalar take. Mai gyaran bai ma ɗauke hannunsa daga kwamfuta ba, abin da ya rubuta yana nan sabo a kansa.

Dogon gwaji kuwa, da kayan aiki irin su Selenium ko Playwright, sai ya buɗe burauza, ya shiga asusu, ya zaɓi banki, ya rubuta lambar asusun mai karɓa, ya jira sunansa ya fito, ya sa lambar sirri, sannan ya karanta rasit. Duk wannan tafiya domin a duba lamba guda ɗaya. In ya faɗi, abin da kawai zai ce shi ne bai ga abin da yake nema a allo ba. Lissafin ne ya ɓaci, ko maɓalli aka sauya wa suna, ko sabar gwajin ce ta yi nauyi? Sai wani ya ajiye aikinsa ya bi sawu.

To me ke sa tawaga ta tara irin waɗannan? Suna da daɗin gani. Shugaban aiki yana kallon burauza na danna maɓallai da kanta sai hankalinsa ya kwanta, kuma duk sanda wata matsala ta kai ga masu amfani da manhajar, abu mafi sauƙi shi ne a ce a ƙara dogon gwaji ɗaya. A hankali dala ta kife, sama ta fi gindi faɗi.

Mu yi lissafi. A ce sun tara dogayen gwaje-gwaje 300, kowanne yana cin minti ɗaya. Awa biyar ke nan in an bi su ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda zai jira awa biyar bayan kowane gyara, don haka sai a mayar da su na dare. Da safe a tarar da ja, alhali canje-canjen mutum goma ne suka shiga jiya, kowa yana cewa ba nawa ba ne. In kuwa shafin shiga asusu ne ya karye, duka 300 za su faɗi a bakin ƙofa, kuskuren cajin nan ya ɓuya a bayansu har sai an gyara na farkon an sake kwana.

Amma a ganina jinkirin ba shi ne mafi muni ba. Mafi muni shi ne gwajin da ke faɗuwa ba tare da wani ya ɓata komai ba. Shafi ya makara da daƙiƙa ɗaya, ko gwaje-gwaje biyu sun yi amfani da asusu ɗaya, na farko ya kwashe kuɗin da na biyu ke sa ran tararwa, ko intanet ta ɗan yanke. Wannan ba ciwon ƙananan kamfanoni ba ne kawai: a 2016 John Micco na Google ya bayyana cewa kusan kashi 16 cikin 100 na gwaje-gwajensu suna da wannan hali na yau kore gobe ja. A misalinmu, a ce kowane gwaji yana irin wannan faɗuwar banza sau ɗaya cikin 200. Kamar ba komai ba. Amma in ka haɗa 300, damar su wuce duka lafiya wajen kashi 22 cikin 100 ce kawai. Wato kusan dare huɗu cikin biyar za a wayi gari da ja ko da manhajar lafiyarta ƙalau.

Daga nan tawaga ke lalacewa. Maganar da za ka fara ji a ofis ita ce "sake kunna shi kawai, haka yake yi." Ja ya daina tsorata kowa. Ranar da ya faɗi a kan gaskiya, za a sake kunna shi har sau uku, a ƙarshe a kashe shi don a samu a saki manhaja, cajin naira 25 ya tafi wayoyin jama'a. An kashe kuɗin injina da lokacin ma'aikata, kuma kariyar da aka saya ba ta nan. Wannan yana ƙona min rai, domin yawanci mutane ne masu himma, tsarin ne ya koya musu kau da kai.

Gyaran ba ya buƙatar a rushe komai rana ɗaya. A ɗauki kowane dogon gwaji a tambaya: mene ne ainihin abin da yake dubawa, kuma wane hawa ne mafi ƙasa da zai iya kama shi? Lissafin caji da iyakar kuɗin da za a iya turawa a rana su sauka gindi. Ko an rubuta cinikin daidai a rumbun bayanai ya koma tsakiya. Duk gwajin da aka kama yana faɗuwar banza a ware shi gefe, a ɗora wa mutum ɗaya alhakin gyara shi ko share shi.

Kada kuma a wuce gona da iri. Kowane guntu na iya yin daidai shi kaɗai, amma a haɗa su a ga ɗaya yana lissafi da naira, ɗayan da kwabo, kuma ƙaramin gwaji ba zai ga wannan ba. Rabon 70, 20 da 10 ma ba doka ba ne. Manhajar da yawancin aikinta haɗa wasu manhajoji ne za ta fi buƙatar hawan tsakiya mai kauri. Abin da tawagarmu za ta bari a sama shi ne hanyoyin da in sun karye kasuwanci ya tsaya: shiga asusu, tura kuɗi, ganin rasit, sauya lambar sirri. A ce sun rage 20. Da wancan lissafin, minti ashirin za su ci, kuma sau tara cikin goma za su wuce ba tare da faɗuwar banza ba.