Zugar Magoya Baya Kafin Wasan Pillars da Katsina United

Da zarar karawar Kano Pillars da Katsina United ta matso, saƙonnin ƙungiyar magoya baya sukan karaɗe Kano. Da kirari ake farawa: "Sai Masu Gida!", a tuno kofunan 2008, 2012, 2013 da 2014, a zayyano ƙwallayen Rabiu Ali Pele.

Ana gobe wasa kuwa, sai a koma kan lokacin buɗe ƙofa a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, kuɗin tikiti, da inda makaɗa za su zauna.

Ƙwararrun masu zuga sukan yi ba'a, amma ba sa zagin gari ko barazana ga baƙi. A Afrilun 2022 an farfasa motar Katsina United a Kano, aka zaftare wa Pillars maki uku. A ƙarshen kakar, ƙungiyar ta faɗa rukuni na ƙasa.