Shirin Musamman: Hoton da ba ka ari fuskar kowa ba

Shirinmu na yau na matasan nan ne da ke haɗa katin biki, da fosta, da allon talla a wayoyinsu, daga Durun zuwa Kabo har Gwarzo, da kuma masu ba su aikin. Yanzu yaro yana zaune a shagon caji zai rubuta wa manhajar ƙirƙirarriyar basira layi biyu, kafin shayinsa ya huce ta fito masa da hoto. Wannan rubutu da ake yi mata shi za mu riƙa kira umarni. Maganarmu kuwa a kan sunayen da ake cusawa cikin umarnin ne.

Mu ɗauki misali. A ce wata malama ta buɗe makarantar ƙananan yara a Durun, ta kira wani matashi ta ce, “Ɗana, ina son allo mai hoton kyanwar nan da ɓeran nan na talabijin, yara na son su.” Shi kuma ya ce, “To Hajiya, an gama.” Ya rubuta Tom and Jerry, ya ƙara sunan makaranta, ya tura Kano a buga a kan leda. Babu wanda ya yi niyyar sata a cikinsu. Amma kyanwar da ɓeran nan suna da mai su. William Hanna da Joseph Barbera ne suka ƙirƙire su a 1940, yau kuma suna hannun kamfanin Warner Bros. Zanen kansa yana ƙarƙashin haƙƙin mallaka, sunan da siffar kuma alamar kasuwanci ce, wato abin da ke nuna wa mai saye daga wane gida kaya suka fito.

Abubuwa biyun nan ba ɗaya ba ne. Haƙƙin mallaka yana da wa'adi. A dokar Nijeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, zane yana da kariya tsawon rayuwar mai shi da shekara 70 bayan rasuwarsa. Alamar kasuwanci kuwa muddin ana sabunta rajistarta tana nan. Shi ya sa ko da Mickey Mouse na fim ɗin 1928 ya fita daga haƙƙin mallaka a Amurka ranar 1 ga Janairun 2024, Disney bai saki alamarsa ba. Kuma kada a ce makarantar yara ta yi ƙanƙanta a kula ta. A 1989 Disney ya sa makarantun renon yara uku a jihar Florida sun cire zanen Mickey da 'yan'uwansa daga bangonsu.

Wani zai ce, ina Florida ina Durun? Gaskiya ne, da wuya lauyan Amurka ya biyo hanyar Gwarzo don allo ɗaya. Amma allon yau ba a bango kaɗai yake tsayawa ba. Ana ɗora shi a Facebook da TikTok, su kuma waɗannan kafafe suna sauke abu idan mai haƙƙi ya kai ƙara, wanda ya maimaita kuma yana iya rasa shafin da ya daɗe yana ginawa. Su ma masu manhajojin suna cikin matsi. A watan Yunin 2025 Disney da Universal suka maka kamfanin Midjourney a kotu, Warner Bros ya biyo baya a Satumba. Saboda haka manhajoji da yawa kan ƙi umarnin da ke ɗauke da irin waɗannan sunaye, ka ƙone data a banza.

To, me matashin nan zai yi, tunda Hajiya ba ta fasa son allonta ba?

Abu na farko, ya tambayi kansa: me yara ke so a wasan nan? Ba launin kyanwar ba ne. Abin da ke sa su ƙyalƙyala dariya shi ne ƙarami mai wayo yana wahalar da babba mai ƙarfi, ana guje-guje, ana zare ido, kuma ba wanda ke mutuwa. Wannan ba mallakar kowa ba ne. Doka tana kare yadda aka zana abu ne, ba ta kare tunanin da ke bayansa. Mu kuwa da muka tashi da tatsuniyoyin kura da kurege ba mu da ƙarancin ƙarami mai wayo.

Sai ya gina umarninsa a kan tambayoyi kaɗan: wa ke cikin hoton, me yake yi a daidai wannan lokaci, a ina, da wane irin haske, kuma da wane salon zane. Ga yadda zai iya fita: “Zanen barkwanci na yara, layi mai kauri, launuka masu haske. Wani ɗan kurege mai jela a tsaye yana gudu da zangarniyar gero a baki, yana waiwaye yana murmushi. A bayansa ƙaton bunsuru mai gemu, kansa ya maƙale cikin ƙwarya, ƙafafunsa na tayar da ƙura. Rumbun ƙasa mai jinka a gefe, hasken hantsi na lokacin kaka. A bar fili a sama don rubutu.”

Ku lura, babu sunan kowa a ciki, amma guje-gujen na nan, dariyar na nan. Kuma yaron Durun zai gane rumbun da geron, abin da ba zai gane ba a falon Amurka. Idan manhajar ba ta fahimci Hausa sosai ba, sai a mayar da umarnin Turanci, a duba cewa kurege bai koma zomo ba. Sunan makaranta kuma a rubuta shi daga baya da wata manhajar tsara rubutu, domin manhajojin zanen nan sun sha ɓata ƙ da ɗ da ɓ.

Yanzu ga wurin da mutane da yawa ke tuntuɓe, kuma ina so a saurara da kyau. Cire suna kaɗai ba ya isa. Idan ka rubuta “kyanwa mai ruwan toka tana bin ƙaramin ɓera mai ruwan ƙasa da manyan kunnuwa, a salon katun”, ba ka ambaci kowa ba, amma abin da zai fito zai iya zama su ɗin dai. Dalili shi ne an horar da manhajojin da tarin hotuna, kuma fitattun zane-zane sun maimaitu a ciki ba iyaka, don haka duk bayanin da ya kusance su sai ya gangara can, kamar ruwan sama da ya sami tsohuwar hanyarsa. A farkon 2024 wani masani mai suna Gary Marcus da wani mai zane Reid Southen sun nuna haka: sun nemi hoton kayan wasan yara na katun kawai, sai ga 'yan wasan fim ɗin Toy Story sun bayyana. Kuma abin da ake dubawa idan rigima ta taso shi ne hoton da ya fito, ba kalmomin da ka rubuta ba.

Yaya za ka gane ka faɗa? Nuna wa yaro hoton ba tare da ka ce komai ba, ka tambaye shi, “Wane ne wannan?” Idan ya kira suna, koma ka gyara. Gyaran kuma ba sauya launin riga ba ne. Sauya jinsin dabbar, da siffar jiki, da wurin da abin ke faruwa. Sannan ka faɗaɗa hoton ka leƙa ƙirji da hula da takalmi, domin wani lokaci manhaja kan liƙa tambarin wani kamfani a inda ba ka nema ba. Akwai kuma Google Lens, ka ɗora hoton ka ga ko ya yi kama da wani sananne.

Batun mutane na gaske ya fi wannan nauyi, a ganina. Mai shagon turare ya ce a sa masa Ali Nuhu riƙe da kwalba, ko mai atamfa ya ce a sa wata jarumar Kannywood sanye da kayansa. Wannan hoton yana faɗa wa jama'a cewa mutumin ya yarda da kayan, alhali bai ma san da su ba. Ƙarya ce aka yi masa, kuma fuskarsa ita ce jarinsa, da ita yake karɓar kuɗin talla. Dokar kare bayanan mutane ta 2023 tana nan, ga kuma dokokin ɓata suna. Idan malamin addini ne ko basarake ko ɗan siyasa, abin na iya wuce kotu ya zama tashin hankali a gari. A watan Maris na 2023 hoton Fafaroma Francis cikin wata ƙatuwar farar rigar sanyi ya zaga duniya, mutane da dama suka gaskata, alhali da Midjourney aka haɗa shi. In waɗancan sun ruɗu, ina ga dattijon da aka tura wa hoto a WhatsApp?

A nan ma hanyar ɗaya ce. Me mai turaren yake nema a jikin jarumin? Kwarjini, da tsafta, da kamala. Sai a rubuta: “Magidanci ɗan kimanin shekara 45, cikin farar shadda mai aiki ruwan zuma, hula zanna a karkace kaɗan, yana shafa turare a bayan hannu, yana murmushi cikin natsuwa, hasken la'asar na shigowa ta ƙofar shago.” Kada a ƙara “mai kama da wane”, domin wannan shi ne sunan ya dawo ta bayan gida. Kada kuma a ɗora hoton jarumin a ce manhaja ta kwaikwaya. In hoton ya fito, a nuna wa mutum biyu ko uku. Idan ɗaya ya ce, “Kai, wannan ai wane ne,” a sauya shekaru da siffar fuska a sake.

Ko da an yi duk wannan, akwai iyaka. Fuskar da manhaja ta ƙirƙira ba za ta zama shaida ba. Kada a rubuta a ƙarƙashinta cewa wannan mutum ya gwada maganin ya warke, ko wannan ɗalibarmu ce da ta yi na ɗaya. In shaida ake so, a nemi mutum na gaske, a nemi izininsa a rubuce, in yaro ne a nemi na iyayensa, a ɗauki hotonsa da kyamara.

Kai kuma mai aikin, ka adana umarninka da hoton farko da ranar da ka yi, don in an tambaya ka nuna yadda aka haihu a ragaya. Kuma tun kafin ka karɓi kuɗin kafin alƙalami, ka gaya wa mai aikin cewa ba ka sa sanannen zane ko fuskar wani, ka nuna masa samfuri biyu na naka ya zaɓa.

A nan za mu dakata. Sai mun sake haɗuwa a shiri na gaba, a huta lafiya.