Karatu daga Waya, Ido a kan Kyamara

Daga Barnawa zuwa Narayi, daga Kakuri zuwa Sabon Tasha, da wuya ka ratsa layi guda ba ka ga wanda ya kafa waya a gabansa yana yi mata magana ba. Mai sayar da atamfa na tallar sabbin kaya, matashi na karanta labaran unguwa, malami ko fasto na aika gajeren saƙo ga mabiyansa. Da yawansu sun gano manhajar da ke gungura rubutu a fuskar waya yayin da kyamara ke ɗauka, irin wadda ke cikin CapCut ko BIGVU, don haka sun huta da hadda. Sai dai mai kallo yakan gane cikin 'yan daƙiƙu cewa karatu ake yi masa. Idon mai magana na kai-komo, ko ya kafe wuri guda da bai dace da fuskar mai kallo ba. Akan ɗora laifin a kan rashin baiwa ko rashin sabo, amma a ganina mafi yawansa matsalar awo ce, kuma abin awon tela ya isa a gyara ta.

A gidan talabijin an daɗe da kashe wannan matsala. Na'urar nuna rubutu ta fara aiki a Amurka a 1950, a hannun Hubert Schlafly da Fred Barton da Irving Kahn, tana juya doguwar takarda a gefen kyamara. Daga baya aka zo da dabarar da ake amfani da ita har yau: a sa gilashi a karkace a gaban idon kyamara, rubutu ya hasko a jikinsa daga ƙasa, kyamara kuma ta leƙo ta bayansa. Mai karanta labarai a tashar NTA ta Kaduna, in yana gaban irin wannan gilashi, rubutu yake kallo, amma rubutun na zaune daidai kan idon kyamara, don haka kai yake kallo. Waya ba ta da wannan gilashi. Idon kyamararta ta gaba ɗan ɗigo ne a can saman, rubutu kuma na ƙasa da shi. Duk aikin shi ne a rage tazarar da ke tsakanin wuraren nan biyu har mai kallo ya kasa lura da ita.

To, wace tazara ce ido ke yafewa? Wani mai bincike a Jami'ar Stanford, Milton Chen, ya auna wannan a 2002 yana nazarin hira ta bidiyo. Ya gano cewa mutane na saurin gane kaucewar ido in an kalli hagu, ko dama, ko sama da kyamara, ko da kaucewar 'yar kaɗan ce. Amma in ƙasa da kyamara aka kalla, sukan ci gaba da jin ana kallonsu har kusan digiri 5. Wannan sakamako ya faɗi inda rubutu ya kamata ya zauna: ƙarƙashin idon kyamara, kusa da shi, ba gefensa ba.

A ɗauki misalin mai sayar da turaren wuta a Barnawa da ke son tallar minti ɗaya. Ta riƙe waya a tsaye da hannu, wato kamar santimita 50 daga fuskarta, layin da take karantawa kuma na tsakiyar fuskar waya, santimita 7 ƙasa da kyamara. Lissafi ya ba da kaucewar digiri 8, ta wuce iyakar da ido ke yafewa. Mai kallo zai ga kamar ƙirjinsa take kallo. In ta ɗora wayar a kan sandar nan mai ƙafa uku ta ja baya zuwa mita ɗaya, ba ta taɓa komai a manhajar ba, kaucewar ta sauko digiri 4. In kuma ta ja akwatin rubutun sama, layin karatu ya dawo santimita 2 ƙasa da kyamara, abin da ya rage ɗan sama da digiri 1 ne. Ba wanda zai gane.

Wannan ya gyara sama da ƙasa. Saura hagu da dama, inda aka fi tona asirin mai karatu. Faɗin fuskar waya a tsaye kusan santimita 7 ne. In rubutu ya cika faɗin nan tana nesa da santimita 50, idonta zai share digiri 8 a kowane layi, ya kai ƙarshe, ya yi tsalle ya dawo farko. Wannan tsallen na dawowa shi ne alamar karatu da kowa ya sani ko da bai taɓa tunaninta ba, domin mai magana daga ka ba ya yin sa. Ta matse rubutun zuwa faɗin santimita 4, kalma uku ko huɗu a layi, ta tsaya a mita ɗaya: sharar ta koma kamar digiri 2, ido na ɗauke layin kusan a kallo guda.

Kwantar da waya ya fi kowanne muni. Kyamara ta koma gefe guda, rubutu ya miƙe har santimita 15 daga gare ta, ƙarshen layi ya kai kaucewar digiri 8 ko a mita ɗaya, kuma kaucewar gefe ce, wadda ido ba ya yafewa. Wanda dole sai ya ɗauki bidiyo a kwance, ya tura akwatin rubutu ya manne da gefen da kyamara take, ya matse shi sosai.

Ja da baya na da kuɗinsa. Haruffa sai sun girma, su kai kamar rabin santimita ko fiye, in ba haka ba za ta riƙa matse ido, wannan ma alama ce. Sannan makirfon waya daga mita ɗaya zai kwashi ƙarar janaretan maƙwabci da hon ɗin Keke fiye da muryarta, don haka sai ta sami ƙaramin makirfo na maƙalawa a wuyan riga. Ba na ganin wannan a matsayin ƙawa. Duk wanda ya ƙi sayensa zai koma kusa da waya don a ji shi, matsalar ido kuma ta dawo.

Akwai wani tarko da ya shafi mai karanta Hausa musamman. Rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali. Idan ka ga “ya zo” shi kaɗai, ba ka san ko labari ake bayarwa cewa mutumin ya riga ya iso ba, ko umarni ne cewa a ce masa ya taho, alhali furucinsu ya bambanta. A takarda ido na leƙa gaba da baya ya warware wannan ba tare da ka sani ba. A ɗan siririn akwati mai kalma uku, abin da zai warware maka na iya kasancewa a layin da ya wuce ko wanda bai iso ba. Sai ka furta ba daidai ba, ka yi turus, idonka ya gangara ƙasa neman ma'ana. Maganinsa a wajen shirya rubutu yake. Kada a bar manhaja ta yanka layi inda ta ga dama. Mai rubutu ya yanka da kansa a inda numfashi da ma'ana suka tsaya, “ku ce masa ya zo” ya zauna a layi ɗaya. A bar layi biyu ko uku suna bayyana ƙasa da wanda ake karantawa. A rubuta kuɗi yadda za a faɗe su, “dubu goma sha biyu da ɗari biyar”, domin lamba tana tilasta wa ƙwaƙwalwa fassara a tsakiyar magana, kuma a nan Kaduna ta kudu, inda baki ya saba tsallakawa tsakanin Hausa da Turanci, takan fito da harshen da ba a nufa ba. A kuma duba ɓ da ɗ da ƙ kafin a fara, don wasu nau'o'in haruffa kan mayar da su akwatin banza.

Gudun rubutu kuwa, kada a yarda da lambar da manhaja ta zo da ita. Mai turarenmu ta karanta rubutunta da ƙarfi, yadda take yi wa mai saye magana a shago, tana duba agogo. A ce kalma 140 ta cinye daƙiƙa 60. Da kalma huɗu a layi, layi 35 ke nan a minti, kowanne ƙasa kaɗan da daƙiƙa biyu. Ta daidaita gudun da wannan, sannan ta gwada. In ta ga idonta na gangarowa ƙasa a hankali, ta fi rubutun sauri, tana cin layukan da ba su hau ba. In layin na shirin ɓacewa ta sama tana binsa da haki, rubutun ya fi ta. Wasu manhajoji na sauraron murya su gungura da kansu, amma an fi gina wannan a kan Turanci, kuma da Hausa yakan tsaya cak ko ya yi tsalle. Ɗan madannin nesa na Bluetooth a tafin hannu ya fi aminci, in manhajar na karɓarsa, domin yana ba ta damar dakatar da rubutu in za ta ɗaga kaya ta nuna.

Bayan an gyara awo, sai wata matsala ta ɓullo daga ɗaya gefen: kafe ido. Mai karatu yakan rage ƙiftawa, gira ta daina motsi, wuya ya sandare saboda tsoron ɓatan layi. Ba wanda ke hira haka, balle a wajenmu da zura wa mutum ido ba ƙiftawa kan zama rashin kunya. Kallon da ya yi kama da na gaskiya yana da hutu. Don haka a saka hutun cikin rubutu: layi fanko bayan kowace gaɓa, inda za ta ƙifta, ta ɗan kalli kwalbar turaren da ke hannunta, ta dawo. Gaisuwar farko da maganar rufewa kuwa a haddace su, a faɗe su ido cikin idon kyamara kai tsaye, don a daƙiƙun farko mai kallo ke yanke shawarar tsayawa ko wucewa. Tsayin waya ma ya zo daidai da ido. In ta yi ƙasa, fatar ido na saukowa, mutum ya yi kamar mai jin barci.

Mai tabarau ya rage hasken fuskar waya, ya zaɓi farin rubutu a kan baƙi, in ba haka ba layukan za su fito suna tafiya a jikin gilashinsa. Wanda ke son kyamarar baya saboda ta fi kyau, fuskar waya ta juya masa baya, sai ya nemi waya ta biyu ya ɗaure ta daf ƙarƙashin idon ta farko, ya tsaya a mita biyu. Ko ya sayi ƙaramin akwatin gilashi irin na talabijin da ake yi don waya, ya kunna Mirror a manhaja, tunda gilashi na juya rubutu.

Kafin a saki bidiyo, a ɗauki daƙiƙa 20 na gwaji, a kashe sauti, a kalli ido kaɗai. Tsalle zuwa gefe na nufin layi ya yi faɗi. Kallon ƙasa da bai canzawa na nufin akwatin rubutu ya yi nisa da kyamara, ko an tsaya kusa da yawa. Gangarowa a hankali matsalar gudu ce. A gyara abu ɗaya, a sake ɗauka, don in an canza uku a tare ba za a san wanda ya yi aiki ba.