Jawabin Wakilin Aji Kafin Jarrabawar Anatomi ta Farko

A makarantun koyon aikin likita na Najeriya, irin su na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya da Jami'ar Bayero da ke Kano, ɗalibi yakan fara anatomi ne a aji biyu. Anatomi shi ne ilimin tsarin jikin ɗan Adam, ana karanta shi a littafi, ana kuma duba shi a jikin gawa. Idan an kammala sashe guda, kamar hannu ko ƙafa, sai a yi jarrabawa ta rubutu da ta gani da ido. Kafin a shiga ta gani da idon ne wakilin aji, wato ɗalibin da 'yan ajin suka zaɓa ya tsaya tsakaninsu da malamai, yakan miƙe ya yi wa abokan karatunsa magana.

Ba a gane amfanin wannan jawabi sai an san yadda jarrabawar take. Ɗalibai suna kiran ta sitifulces, sunan wani tseren dawaki da ake tsallake shingaye a cikinsa. Ana jera tebura a ɗakin fiɗa, kowanne da abin da aka ɗora masa: wani ƙashi, wani hannun gawa da aka feɗe, wani hoton ƙashi na asibiti, wani kuma madubin ƙara girman abu. Ana soka fil ko a ɗaura zare a kan wani wuri, a ajiye tambaya a gefe. Ɗalibi yana da kamar minti ɗaya ya duba ya rubuta amsa. Da ƙararrawa ta kaɗa sai ya matsa gaba, kuma teburin da ya bari ya bar shi ke nan. Yawancin 'yan ajin sun shigo jami'a da sakamako mai kyau, sun saba da jarrabawar da mutum zai tsallake tambaya ya dawo mata daga baya. Wannan kuwa ba ta ba da wannan damar, ga shi makin ci a karatun likita 50 ne cikin 100.

Saboda haka wakilin da ya san aikinsa yakan fara da labarin da ya tabbatar daga sashen: ƙarfe nawa za a fara, wane rukuni ne zai fara shiga, me za a riƙe. Farar riga, katin shaida, biro biyu da allon ɗora takarda, tun da a tsaye ake rubutu. Yakan kuma faɗi ko an yarda a taɓa abin da ke kan tebur, domin sau da yawa ana hanawa, kada fil ya goce na baya ya cutu. Rabin fargabar ɗalibi rashin sanin abin da zai tarar ne, don haka wannan bayani ya fi kalaman yabo kwantar da hankali.

Daga nan sai maganar ƙararrawa, wadda ita ce ƙashin bayan jawabin. A ɗauka tebura 30 ne, ɗalibi ya kasa gane abin da ke tebur na 7. Asararsa ɗaya ce cikin 30. Amma idan ya isa na 8 zuciyarsa tana kan na 7, sai ya rasa biyu, ko uku. Mafi muni shi ne ya manta bai bar gurbi a takardarsa ba, ya rubuta amsar na 8 a layin na 7, duk amsoshin da suka biyo baya su zame. Ga kuma wani tarko: ba kowa ke farawa daga tebur na 1 ba. Wanda aka tsayar a na 19, a layi na 19 zai fara rubutu. Shi ya sa wakili yakan nanata cewa a kowane tebur a fara duba lambarsa, sannan a karanta tambaya, sannan a dubi fil.

Jawabin yakan tunatar da tsarin dubawa, ba tare da ya zama darasi ba. Misali, an ajiye ƙashin damtse, wanda ke tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, an manna alama a wani kwari da ya karkata a bayan tsakiyarsa. Tambayar kashi biyu ce: wace jijiya ce ke bi ta nan, kuma me zai faru idan ta lalace? Ɗalibi zai fara daidaita ƙashin a ransa. Kansa mai kama da ƙwallo yana sama yana fuskantar jiki, babban ramin da gwiwar hannu ke shiga yana ƙasa ta baya. Da haka zai san na dama ne ko na hagu, ya kuma tabbata alamar a baya take. Jijiyar da ke kwance a wannan kwari ita ce radiyal, mai kai saƙo ga tsokokin da ke ɗaga wuyan hannu da miƙe yatsu. Idan ƙashin ya karye a tsakiya ya ji mata rauni, wuyan hannu sai ya langaɓe. Wanda ya yi gaggawa bai daidaita ƙashin ba zai iya rubuta jijiyar alna, wadda ke bi ta ƙasa, a bayan tudun gwiwar hannu na ciki. Dama da hagu kuma na gawar ake nufi, ba na mai kallo ba.

Akwai wata matsala da ɗalibi Bahaushe zai fi kowa ganewa. A Hausa kalmar jijiya ta haɗa abubuwa huɗu: mai ɗauko jini daga zuciya, mai mayar da shi, mai kai saƙo, da wadda ke ɗaure tsoka da ƙashi kamar agara. A littafi ana shafa wa ta farko ja, ta biyu shuɗi, ta uku rawaya. A jikin gawar da ta daɗe cikin sinadarin fomalin kuwa launukan sun dushe, sun kusa zama ɗaya. Sai dai a lura da siffa: mai ɗauko jini tana da kauri, a zagaye take kamar bututu, mai mayarwa siririn bango gare ta, takan lotse ta yi duhu saboda sandararren jini, mai kai saƙo ba ta da rami, kamar igiya take, ta huɗu tana sheƙi, kuma idan aka bi ta da ido za a ga ta fito daga tsoka. Dole amsa ta fayyace wace iri ce, domin akwai jijiyar jini mai suna radiyal, akwai kuma ta saƙo mai wannan suna.

Wakili nagari ba ya mantawa da jiki. Fomalin yana sa ido hawaye, yana yi wa hanci da maƙogwaro yaji, kuma wanda ya kwana bai yi barci ba, ya zo bai karya ba, jiri na iya ɗibarsa saboda doguwar tsayuwa. Yakan ce duk wanda ya ji haka ya ɗaga hannu ya sanar da mai sa ido. Yakan kuma tuna wa aji cewa wanda ke kwance a kan tebur mutum ne, ɗan wasu ne, a girmama shi, kada a yi wasa ko ɗaukar hoto. Idan za a yi addu'a, akan bar kowa ya yi bisa addininsa, tun da aji ya haɗa Musulmi da Kirista.

Jawabin yana da iyaka. Minti uku sun ishe shi, domin mutanen da ke jiran a kira su ba sa riƙe dogon zance. Yakan ɓaci idan wakili ya shiga lissafa wuraren da ya ji an ce za su fito, ko ya kawo labarin yawan waɗanda suka faɗi a bara, ko ya yi alkawarin cewa kowa zai ci, abin da ba a hannunsa yake ba. Ana gane ya ɓaci idan aka ga mutane sun koma buɗe littafi a gigice. Abu na ƙarshe da yakan faɗa ya shafi fita: inda ake shiga rukuni-rukuni, akan raba waɗanda suka gama da waɗanda ke jira, a karɓe wayoyi, kuma duk wanda ya aika wa na baya tambaya ya faɗa cikin laifin satar jarrabawa, shi da wanda ya karɓa.