Taga ta yi fari fat, fuska ta yi duhu: yadda za ka ceto hoto guda ba tare da ka sake ɗauka ba

Ranar kamun ƙanwata ni aka bar wa ɗaukar hoto. Amarya ta zauna gefen kakarmu a bakin gado, taga na bayansu, rana tsaka. Hajiya Kaka ba ta son hoto, da ƙyar ta yarda aka ɗauki guda ɗaya, ta ce ya isa haka. Da dare na buɗe waya sai gabana ya faɗi. Tagar ta yi fari fat, labulen leshin ya ɓace a cikin haske, fuskokinsu kuwa sun yi duhu kamar an ɗauke wuta. Ga shi babu damar maimaitawa.

Da yawanku kun san wannan takaicin, kuma laifin ba na hannunku ba ne. Hasken da ke wajen taga zai iya ninka na cikin ɗaki sau ɗari ko fiye. Idon mutum yana daidaita kansa duk inda ya kalla, amma kyamara a ɗauka guda ma'auni ɗaya take zaɓa. In ta bi taga, ɗaki ya yi duhu. In ta bi fuska, taga ta ƙone.

Maganin shi ne abin da masu harkar hoto ke kira ton-mafin, wato a matse wannan tazara mai faɗi ta shiga iyakar abin da fuskar waya za ta iya nunawa. In ka ƙara hasken hoton gaba ɗaya, fuska za ta fito amma taga ta ƙara lalacewa. Shi ya sa manhajojin gyaran hoto suke duba kowane yanki da maƙwabtansa: su rage hasken babban fili mai haske, su ɗaga na fili mai duhu, amma su bar ƙananan bambance-bambancen da ke ciki, kamar zaren leshi ko zanen lalle. Wannan aikin ne maɓallan `Highlights` da `Shadows` suke yi a Lightroom da Snapseed.

Kafin ka taɓa komai, ka fara sanin ko akwai abin da za a ceto. Hoton JPEG yana da matakan haske 256 a kowane launi daga cikin ja, kore da shuɗi, daga 0 zuwa 255. Inda duka ukun suka kai 255, babu sauran bayani, fari ne zalla. Ko ka ja `Highlights` har ƙarshe, abin da za ka samu shi ne tabo mai ruwan toka. Shi kuwa fayil ɗin RAW, wanda wayoyi da yawa ke ajiyewa da sunan DNG, yakan riƙe dubban matakai, kuma sau da yawa akwai ragowar bayani a wurin da JPEG ya nuna fari. Sa'ata ita ce na bar wayar a `Pro`, tana ajiye duka biyun.

Na buɗe DNG ɗin a Lightroom na waya, na shiga `Light`. Akwai wata dabara a nan: kana jan `Whites`, sai ka ɗora wani yatsa a kan hoton. Allon zai yi baƙi, wuraren da suka ƙone ne kawai za su bayyana. Mai launi yana nufin launi ɗaya ko biyu ne suka cika, akwai sauran fata. Fari kuma duka ukun ne. A nawa, saman tagar inda sama take ne ya ƙi sauka ko da na ja baya, amma labule da ganyen darbejiyar tsakar gida suna nan.

Daga taga na fara. Na sauke `Highlights` zuwa -80, sai ga leshin labule ya dawo, har da ƙarfen taga. Sannan na ɗaga `Shadows` a hankali zuwa +55, fuskar amarya ta fito, aka ga lallen hannunta a kan hannun Hajiya Kaka. Da na ga har yanzu da ɗan duhu, na ƙara `Exposure` da +0.40 kawai. A wannan gaɓar hoton ya yi fayau kamar an watsa masa ƙurar hunturu, domin in ka matso da haske da duhu kusa da juna, armashin hoto yana raguwa. Sai na mayar da `Blacks` zuwa -15, na sa `Contrast` +10, ƙarƙashin gado da lungun ɗaki suka koma baƙinsu. Waɗannan lambobin na hotona ne, naka zai iya neman wasu, amma jerin bai canzawa: taga, inuwa, sannan a dawo da baƙi.

Me ya sa na tsaya a +55 ban kai +100 ba? Na gwada, kuma na ga illar. Wurin duhu haske kaɗan ne ya shiga kyamara daga gare shi, don haka bayaninsa a cakuɗe yake da ɗige-ɗige. In ka ninka haskensa sau takwas, ɗige-ɗigen ma sun ninku sau takwas. Da na zuƙo kumatun Hajiya Kaka sai na ga tsaki-tsaki na kore da ja, fatar kuma ta yi fari-fari kamar ba ta shafa mai ba. Wannan ya fi shafar mu masu duhun fata, domin manhaja ba ta bambance inuwa da launin da Allah ya yi ka da shi. Ma'aunina shi ne: in wanda ya san mutumin zai ce ta yi bilicin, to na zarce. Ɗan ragowar tsakin na rage shi da `Noise Reduction` a 20. Fiye da haka fuska takan koma kamar roba.

Illa ta biyu ita ce wani zobe na haske da ke zagaye abu mai duhu in ya jingina da mai haske. Duba gefen ɗankwali ko ƙarfen taga. In ka ga farin layi kamar an zana da alli, ka matsa da yawa, sai ka sassauta. `HDR Scape` na Snapseed yana saurin jawo wannan in aka cika masa ƙarfi, ga shi yana fito da kowane ƙurji na fuska. Sannan ka bar taga ta fi ɗaki haske. In suka zo daidai, ido zai gane ƙarya ce nan take.

To in JPEG kawai gare ka fa? Za ka samu wani abu, sai dai kaɗan. A Snapseed shiga `Tune Image`, ka rage `Highlights`, ka ɗaga `Shadows` daidai misali, ka tsaya da zarar bango ya fara nuna layi-layi. Kuma ka nemi asalin hoton. Wanda aka turo ta WhatsApp a matsayin hoto an riga an matse shi, bayanan inuwa ne ke fara tafiya. Ka ce a turo maka ta `Document`.

Gaba in ka samu kanka a irin ɗakin nan, taɓa allon, ka ja hasken ƙasa har labule ya fito kafin ka ɗauka, ko da fuska ta ɗan yi duhu. Inuwa ana iya ɗago ta, abin da ya ƙone kuwa ya tafi.

Saman tagar tamu har yau fari ne, haka na bar shi. Da na kai wa Hajiya Kaka hoton ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Kai ɗan nan, ashe da na gyara ɗaurin ɗankwalina." Yanzu yana rataye a falon amarya.